Takardar shawara ga hukumar gudanarwa: a saka wani kaso na kuɗin ajiya a takardun baitulmali?

Maaji_Sabo
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kuɗi. Ni ne ma'ajin wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma zan gabatar wa hukumar gudanarwarmu takardar shawara a zama mai zuwa. Muna da kuɗin ajiya miliyan 120 kwance a banki ɗaya, ana ba mu kashi 4 cikin ɗari a shekara. Abin da muke kashewa a wata, albashi da haya da sauran hidimomi, yana kai miliyan 15. So nake in shawo kansu a ɗebi wani kaso a sayi takardun baitulmali, wato takardun bashin gwamnati na gajeren zango, waɗanda a gwanjon baya aka sayar a kan kashi 12.

Ga yadda na buɗe takardar: "Kuɗinmu suna zaune a banki ba sa haihuwa. Takardun baitulmali suna ba da kashi 12, ninki uku na abin da banki ke ba mu, kuma babu haɗari ko kaɗan domin gwamnati ce ke biya. Ina ba da shawarar a saka miliyan 100 a takardar kwana 364."

Yawancin 'yan hukumar dattawa ne masu taka-tsantsan. Me zan ƙara, me zan cire?

DanKasuwa77
Wa alaikumus salam. Malam, gwamnati za ka ba bashi? Tambayi 'yan kwangila su ba ka labari. Mutum ya gama aiki ya shekara biyu yana zarya a ofis da fayil a hammata. Ni da ina cikin hukumarku, da na ji an ce gwamnati, zan ce a bar kuɗin inda suke.

Akanta_Mace
@DanKasuwa77 ba abu ɗaya ba ne, yayana. Kuɗin kwangila sai wani ya sa hannu, wani ya amince, a jira kasafi. Takardar baitulmali kuwa a mafi yawan ƙasashe ta hannun babban banki ake sayar da ita kuma ta nan ake biya. Ranar da wa'adinta ya cika kuɗin ke faɗowa asusu, ba ka bin kowa. Gwamnati takan yi wasa da ɗan kwangila, amma ba ta son wasa da wannan, saboda a gwanjo na gaba za ta dawo wurin mutanen nan ta sake neman rance.

@Maaji_Sabo ni matsalata da takardarka ita ce jimlar farko. Ka buɗe da riba. Hukumar gudanarwa ba don riba ta tara kuɗin ajiya ba, ta tara su ne don ranar da tallafi ya makara ko wani abu ya faso ba zato. Da zarar dattijo ya karanta "ninki uku", abin da zai faɗo masa a rai shi ne, yaron nan zai kai mana kuɗi wurin caca. Ka fara da tambayar da ke damunsu: in aka buƙaci kuɗin gobe, za a same su?

Tsohon_Odita
Hajiya Akanta ta riga ni. Bari in ɗora a kai, don na zauna a irin wannan zama ta ɓangaren masu karanta takardar.

Malam Ma'aji, miliyan 120 a kan miliyan 15 a wata, kuɗin wata takwas ke nan. Da wannan lissafin za ka fara, don shi kowa zai gane. In ka kwashe miliyan 100 ka ɗaure su shekara guda, abin da ya rage a hannu miliyan 20 ne, wanda bai kai kuɗin wata ɗaya da rabi ba. Babu hukumar da ta san abin da take yi da za ta sa hannu a kan haka.

Da ni ne, rabi zan nema. Miliyan 60 su zauna a banki, kuɗin wata huɗu ke nan da za a iya taɓawa kowace rana. Sauran miliyan 60 a raba su uku, miliyan 20-20, a sayi takardar kwana 91, amma ba rana ɗaya ba. A sayi ta farko wannan watan, ta biyu wata mai zuwa, ta uku watan da ke biye. Daga wata na huɗu, kowane wata akwai miliyan 20 da ke dawowa asusu, wanda ya ma fi kuɗin hidimar wata guda. In ba a buƙace su ba a sake saye, in an buƙace su a riƙe. Ka ga ba ka taɓa zama cikin halin da dole sai ka sayar da takarda kafin lokacinta ba.

Wannan shi ne ƙashin bayan takardarka. Ka zana musu ɗan jadawali na wata goma sha biyu: abin da ke banki, abin da ke cikin takardu, abin da zai dawo a kowane wata, abin da za a kashe. Sannan ka ƙara layi ɗaya a ƙasa da ke nuna abin da zai faru in kuɗin shiga suka tsaya cak na wata shida. In jadawalin ya nuna za a ci gaba da biyan albashi ba tare da an sayar da komai ba, ka gama rabin aikin. Maganar kashi 12 ta zo a shafi na biyu.

Maaji_Sabo
Na gode Baba. To amma takardar kwana 364 ta fi ba da riba. Ba asara ba ce mu tsaya a ta kwana 91? Kuma na ji an ce ko da mun buƙaci kuɗi ana iya sayar da ita a kasuwa kafin wa'adi.

Bash_Hannun_Jari
Ana iya sayarwa mana, cikin kwana ɗaya ko biyu kuɗi sun shigo. Kuma gaskiya ni ban ga laifin abin da ya rubuta ba. Takardar baitulmali ba ta da haɗari, shi ya sa duk duniya da ita ake auna sauran jari. Gwamnatin da ke buga kuɗinta ba za ta rasa abin biyan bashi a kuɗinta ba. Ku daina tsorata shi, ya saka 100 ɗin.

Tsohon_Odita
@Bash_Hannun_Jari rabin maganarka gaskiya ce. In ka riƙe takardar har wa'adinta ya cika, za a ba ka abin da aka rubuta a jikinta. Amma in ka sayar kafin lokaci, farashin ranar za ka karɓa, kuma shi yana tafiya ne da yadda kuɗin ruwa ya motsa. Bari mu yi lissafi da lambobin Malam Ma'aji.

Ita wannan takarda ba a biyan ruwa a kanta wata-wata. Rangwame ake maka a wurin saye, a ƙarshe a biya ka cikakken kuɗi. Lissafin shi ne:

```
farashi = F × (1 − d × n/365)
```

F shi ne abin da za a biya ka a ƙarshe, d rangwamen, wato 0.12 in kashi 12 ne, n kwanakin da suka rage. Wasu ƙasashe, irin Amurka, da 360 suke rabawa, saboda haka ka duba naku.

Takardar miliyan 20 ta kwana 364 a kan rangwamen kashi 12, za ka biya 17,606,575. A ce bayan kwana 30 babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa, sababbin takardu suka koma kashi 16, kai kuma kana cikin matsi dole ka sayar. Kwana 334 suka rage, mai saye zai yi maka lissafi a kan 16, ya ba ka 17,071,781. Ka yi asarar wajen dubu 535 daga uwar kuɗi, ba a ma zo maganar ladan dillali ba.

Yanzu ɗauki ta kwana 91, ita ma miliyan 20 a kan kashi 12. Ka biya 19,401,644. Bayan kwana 30 ɗin nan, ruwa ya koma 16, saura kwana 61, za a saya a hannunka 19,465,205. Ba ka yi asara ba, har da 'yar ribar dubu 63. Girgiza ɗaya ce ta same su, amma ɗaya ta ji ciwo ɗaya ba ta ji ba, kuma bambancin kawai tsawon kwanakin da suka rage.

Malam Ma'aji, wannan misalin ka saka shi a takardar yadda yake. Shi ne amsar duk wanda zai tambaye ka me ya sa ba ka ɗauki mai riba da yawa ba.

Ummu_Hanan
Ni tambayata daban ce, kuma na tabbata wani a hukumarku zai yi ta. Wannan rangwamen ai ruwa ne da aka sauya wa riga. Ka ba da 19 a dawo maka da 20 don kawai lokaci ya wuce. In akwai masu gudun riba a cikinsu, ko kuma dokar ƙungiyar ta hana, duk wannan lissafin bai taso ba.

DanKasuwa77
Allah ya saka miki. Abin da ya kamata a fara tambaya ke nan.

Akanta_Mace
@Ummu_Hanan gaskiya ce, 'yar'uwa, kuma bai kamata a ɓoye ta a takardar ba. Sai dai ki lura ya ce yanzu ma banki na ba su kashi 4, wato tambayar ta riga ta shafe su tun kafin a zo maganar takardun baitulmali. Akwai ƙasashen da suka yi wa abin hanya. Babban bankin Bahrain yana fitar da sukuk, wato takardun jari na tsarin Musulunci, na cinikin salam da ake biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, na kwana 91, na Gambiya ma yana fitar da irinsa. Akwai kuma IILM, wata cibiyar kuɗin Musulunci ta ƙasa da ƙasa da ke Kuala Lumpur, wadda ke fitar da sukuk na gajeren zango, amma da dala ne kuma yawanci bankuna ke saye. Matsalar ita ce a wurare da yawa sukuk ɗin gwamnati na shekaru ne, biyar, bakwai, goma, kuma in ka ɗauki wannan ka faɗa cikin haɗarin da Baba Odita ya gama lissafawa, har ma ya fi. Hukuncin kuwa na malamai ne, ba nawa ba. Ma'aji ya duba abin da tsarin mulkin ƙungiyarsu ya ce, in akwai shakka ya rubuta sakin layi ɗaya ya ce hukuma ta nemi fatawa kafin a aiwatar.

Ummu_Hanan
Cewa suna karɓar kashi 4 yanzu ba hujja ba ce ta a ƙara zuwa 12. Wata ƙungiyar ma cire shi take yi ta ba da shi sadaka, ba ta haɗa shi da kuɗinta. Amma na yarda a rubuta a fili, hukuma ta yanke da idonta a buɗe.

Maaji_Sabo
Tsarin mulkinmu bai ce komai a kan wannan ba, ya dai ce hukuma ce ke da ikon amincewa da inda za a ajiye kuɗi. Zan saka sakin layin. Na gode Hajiya.

Sakatare_Mai_Ritaya
Ina so in koma kan maganar Bash cewa babu haɗari. Kada ka rubuta wannan kalmar, ɗana. A cikin kowace hukuma akwai mutum ɗaya mai karanta jarida, kuma shi zai tashi ya tuna maka da Rasha. A watan Agustan 1998 gwamnatin Rasha ta gaza biyan takardunta na gajeren zango da ake kira GKO, kuma a kuɗin ƙasarta suke, ba dala ba. To ina maganar mai buga kuɗi ba ya gazawa? Da ya faɗi haka, duk sauran abin da ka rubuta ya zube, ko da daidai ne.

Gara kai ka kawo shi da kanka. Ka kuma kawo ɗaya ɓangaren: a Disambar 2022 da Ghana ta shiga sake fasalin bashinta na cikin gida, masu takardun dogon zango ne abin ya shafa, aka tsame takardun baitulmali. Ka ce musu abin yana faruwa amma ba kasafai ba, kuma gajeren wa'adi yana ba mu damar ficewa duk wata in muka ga alamun da ba mu gamsu da su ba.

Bash_Hannun_Jari
Ranka ya daɗe, Rasha ta 1998 ai abu ne na daban, ƙasa ce da ke kare darajar kuɗinta da ƙarfin tsiya ga farashin mai ya faɗi. Kuma in gwamnati ta kai ga gaza biyan takardar wata uku, kana ganin bankin da kuɗinsu ke ciki zai tsira? Shi kansa bankin da me ya cika rumbunsa in ba takardun gwamnatin ba?

Tsohon_Odita
Nan kam Bash ya kama gaskiya, kuma hujja ce da ya kamata ta shiga takardar. 'Yan hukuma suna ganin barin kuɗi a banki shi ne rashin ɗaukar haɗari. Alhali miliyan 120 a banki ɗaya bashi ne kuka ba kamfani ɗaya. Inshorar ajiya tana da iyaka a mafi yawan ƙasashe, kuma an yi ta ne don ƙananan masu ajiya. A Amurka dala 250,000 ce. Da aka rufe Silicon Valley Bank ranar 10 ga Maris 2023, mafi yawan kuɗin da ke cikinsa sun haura wannan iyakar, kamfanoni suka kwana biyu ba su san ko za su biya albashi ba, sai da hukumomi suka fito suka ce za a biya kowa. Ba kowane banki ake yi wa wannan gatan ba. Abin lura kuma, abin da ya karya bankin shi ne takardun dogon zango da ya tara, ruwa ya tashi, darajarsu ta faɗi, aka tilasta masa sayarwa da asara. Lissafin da na yi a sama ne, sai dai da biliyoyi.

Malam Ma'aji, nemo iyakar inshorar ajiya ta ƙasarku, ka rubuta ta kusa da miliyan 120 ɗinku a layi ɗaya. Ba sai ka yi sharhi ba.

Zee_Kididdiga
Ƙaramin gyara a kan kashi 12. In rangwame ne kashi 12, ainihin abin da kuka samu ya ɗan fi haka, saboda ba miliyan 20 kuka fitar ba, 19,401,644 kuka fitar, kuka samu 598,356 cikin kwana 91. In aka mayar da shi lissafin shekara ya kama kusan kashi 12.4. A ta kwana 364 kuwa ya kai wajen 13.6. Wannan lambar ce za a kwatanta da kashi 4 na banki, ba ta rangwamen ba. Dillalai wani lokaci suna faɗin ɗaya, wani lokaci ɗayar, don haka a tambaye su wacce suke nufi kuma su rubuta.

A kan miliyan 60, bambancin 12.4 da 4 zai ba da kusan miliyan 5 a shekara in ruwan bai sauya ba, kafin a cire lada da haraji. Shekarar farko ba zai kai haka ba tunda a hankali za ku shiga.

Akanta_Mace
"In ruwan bai sauya ba" ɗin nan da Zee ta faɗa, a ja masa layi. Shi ne raunin tsarin kwana 91, kuma adalci ne a gaya wa hukuma. Duk wata uku sai kun koma gwanjo kun karɓi abin da kasuwa ta bayar ranar. A 2020 da 2021 takardun Amurka sun sauko dab da sifili, na Jamus ma sun yi shekaru a ƙasa da sifili, wato ka ba da rance a dawo maka da ƙasa da abin da ka bayar. Saboda haka kada a kuskura a saka miliyan 5 ɗin nan cikin kasafin shekara a ɗauki sabon ma'aikaci a kansa. Na ga inda aka yi haka, ruwa ya sauko, aka koma ana cin uwar kuɗin don a biya albashin da aka ƙirƙira.

Kuma ka faɗi hauhawar farashi. In tana kashi 15, ku kuna samun 12, har yanzu kuɗinku raguwa suke, sai dai a hankali. Takardar ta ce muna rage zubar da ke faruwa ne, kada ta ce muna ƙara arziki.

Jamiin_Tallafi
Kowa na maganar nawa za a saka, babu wanda ya tambaya ko miliyan 120 ɗin duk naku ne. A wurin da na yi aiki a da, an taɓa haɗa ragowar kuɗin wani mai ba da tallafi cikin ajiya aka saya irin waɗannan takardu. Kuɗi ba su ɓata ba, har riba aka samu. Amma da masu bincike suka zo, yarjejeniyar ta ce kuɗin su zauna a asusu na musamman kuma duk abin da suka haifa na mai tallafin ne. Aka mayar da ribar, aka kuma rubuta mana shi a rahoto a matsayin saɓa yarjejeniya, abin da ya bi mu har neman tallafi na gaba. Ka tace tukuna: kuɗin da aka ba ku don wani aiki takamaimai, kuɗin sallamar ma'aikata, harajin da kuka cire ba ku miƙa ba. Abin da ya rage shi ne ajiya.

Maaji_Sabo
@Jamiin_Tallafi akwai miliyan 12 a ciki na wani aiki da ba a kammala ba. Sauran 108 namu ne.

Tsohon_Odita
To ka ga lissafi ya sauya. 108 kuɗin wata bakwai ne da 'yan kwanaki. Ko dai ka bar 60 a banki ka saka 48, wato 16 sau uku, wanda har yanzu kowane kaso ya rufe hidimar wata, ko ka bar 48 a banki ka saka 60, abin hannu ya koma na wata uku da ɗoriya. Ni na farkon zan kai musu. Hukumar da ta ga abu ya yi aiki shekara guda ita da kanta za ta ce a ƙara.

Bash_Hannun_Jari
Daga 100 an dawo 48, kuma duk a kwana 91. Baba, wannan tsoro ya yi yawa. Aƙalla kaso ɗaya ya tafi kwana 182 ko 364 ya kama ruwan yanzu kafin ya sauko. Ita kanta Hajiya Akanta ta ce sauka yake yi. Kuɗin wata na bakwai ai ba za a taɓa su ba sai duniya ta tashi.

Zee_Kididdiga
Wannan ba maganar banza ba ce. In kuɗin shigarsu tsayayye ne, ana iya yin 16 a kwana 182. In kuwa daga mai tallafi ɗaya ko biyu suke samu, ni ba zan yi ba. Ma'aji ne ya san wannan.

Sakatare_Mai_Ritaya
Ku bar wannan gardamar, hukuma ce za ta raba ta. Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne abin da ake so hukumar ta yanke. Na karanta takardu da yawa masu kyau da suka ƙare a "za a sake dubawa", don marubucin ya yi bayani shafi huɗu bai rubuta ƙudurin ba. Ka rubuta shi a saman shafin farko da kalmomin da sakatare zai kwafa kai tsaye cikin bayanin taro. Misali:

"Ana neman hukuma ta amince a saka abin da bai wuce miliyan 48 ba na kuɗin ajiyar da ba a keɓe wa wani aiki ba a takardun baitulmali da wa'adinsu bai wuce kwana 91 ba, a kashi uku, wata ɗaya tsakani, kada abin da ke banki ya gaza kuɗin hidimar wata huɗu, kada a sayar da takarda kafin wa'adinta sai da izinin shugaba da wani ɗan hukuma a rubuce, ma'aji ya kawo rahoto duk wata uku, a sake duba tsarin bayan shekara guda."

Dattawa sun fi sakin jiki da abin da ke da iyaka da ranar waiwaya. Kuma kada takardar ta wuce shafi biyu, jadawali ya zo a matsayin rataye.

Akanta_Mace
A ƙara abu biyu a ƙudurin Baba Sakatare, don a nan ne ake cutuwa, ba a wurin gwamnati ba. Na ɗaya, takardun su kasance da sunan ƙungiya a wurin mai ajiyar takardu, kuma shaidar ta riƙa zuwa kai tsaye ga wani wanda ba ma'aji ba. Kada ka ji haushi Malam, kariya ce gare ka. Akwai masu karɓar kuɗi su ce sun saya maka takardar baitulmali, alhali wata takarda ce tasu ta kamfani da suka ce tana "jingine" da ta gwamnati. In kamfanin ya rushe, kai mai bin kamfani bashi ne. Yadda za ka gane: shaidar saye ta nuna lambar takardar, ranar gwanjo, ranar cikar wa'adi, abin da aka biya da abin da za a karɓa, kuma ranar wa'adin ta dace da wadda babban banki ya sanar. In an ba ka ruwan da ya fi na gwanjo nesa, ka tsaya ka tambaya daga ina ƙarin ya fito.

Na biyu, a fom ɗin saye akwai wurin da ake tambaya ko a sake juya kuɗin kai tsaye in wa'adi ya cika. Ka ce a'a. Kuɗin su faɗo asusun ƙungiya kowane karo, mutum biyu su sa hannu kafin a sake saye. In ba haka ba, watan da kuke jiran miliyan 16 don albashi sai ku tarar an sake ɗaure su wata uku.

DanKasuwa77
Duk na ji, amma ni har yanzu ban ga abin da ya hana su zuwa banki su ce a ɗaure musu kuɗin na wata uku a ƙara musu ruwa ba. Da miliyan ɗari a hannu ai manaja da kansa zai fito ya tare ka.

Zee_Kididdiga
Zai fito kam, kuma wataƙila ya ba da abin da ya kusa 12 in ya ji za a kwashe kuɗin. Ya kamata ma wannan ya shiga takardar a matsayin zaɓi na biyu, da lambar da bankin ya bayar a rubuce. Sai dai bai magance abin da Baba Odita ya faɗa ba, kuɗin suna nan a banki ɗaya, kuma in ka fasa kafin lokaci galibi ana cin tara a kan ribar. Sannan a duba haraji, don a wasu ƙasashe ba ɗaya ake cire wa ribar ajiyar banki da ta takardun gwamnati ba, kuma dokar takan sauya. A kwatanta abin da zai shigo hannu bayan an cire komai.

Maaji_Sabo
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan sake rubutawa: ƙuduri a sama, jadawalin wata-wata, iyakar inshora kusa da abin da muke da shi a banki, misalin sayarwa kafin wa'adi, sakin layi kan riba, sai zaɓin ɗaure kuɗi a banki. Gobe zan nemi lambar bankin a rubuce. Saura abu ɗaya: mu shiga gwanjon da namu farashin ne, ko mu bar dillali ya karɓar mana duk abin da aka tsayar?

Tsohon_Odita
Ku shiga sahun waɗanda ba sa gasa, ku karɓi abin da gwanjon ya tsayar. In ka faɗi naka rangwamen kuma ya haura inda aka yanke, ba za a ba ka komai ba, kuɗin su dawo su zauna har gwanjo na gaba, jerin watanninka kuma ya karkace. Amma ka tambayi dillalin iyakar da aka sa wa wannan sahun, don wasu wurare akwai adadin da ba a wucewa, kuma ka ji kwana nawa kafin gwanjo suke son kuɗin su shiga hannunsu.

Bash_Hannun_Jari
Ni dai ina nan a kan bakana, kaso na uku ya tafi kwana 182. Ma'aji, ka saka shi ko a matsayin zaɓi ne, ka ga ko ba za su ɗauka ba.

Ummu_Hanan
Sakin layin ribar kuma kada a tura shi can ƙarshen shafi na biyu inda ba mai kaiwa. Ya zo kafin jadawalin.